Kafin Ka Sayi Kwado, Duba Inda Za Ka Rataya Shi

Yau magana ce a kan get na ƙarfe da ƙarfen taga, musamman ga 'yan uwa na Bilbis da kewayen Tsafe masu sabon gini.

Abin da nake yawan gani shi ne, mutum ya tafi har Gusau ya sayo kwado mai tsada, ya zo ya rataya shi a kunnen ƙarfe siriri kamar marfin gwangwani. To ɓarawo ba ya faɗa da kwado. Kunnen yake sa wa ƙarfe ya murɗe, waldar ta ɓalle, kwadonka na nan a kulle.

Don haka ka ce wa mai walda kaurin kunnen kada ya gaza milimita 8. Ya bi shi da walda gaba da baya, kada ya ɗiga sau biyu ya shafe da fenti. Ramin kuma ya zo daidai da wuyan kwadon, domin in ya yi faɗi ka bar wa ƙarfen ɓarawo wurin shiga. In da hali a rufe wurin da ɗan akwatin ƙarfe mai buɗewa ta ƙasa, hannu da makulli su shiga, zarto kuwa bai samu hanya ba.

Sai hinjis. Mu ɗauki ƙyauren get mai tsayin ƙafa 7 da faɗin ƙafa 6. Nauyinsa kullum yana fizgar na sama waje, shi ya sa uku suka fi biyu. Amma ga inda ake sakaci: irin mai sandar nan da ake zura wa ƙyaure daga sama, in duka suka kalli sama, mutum biyu sun isa su ɗaga ƙyauren su zare shi. Maganin, a juya na saman ya kalli ƙasa. Shi ke nan, ba ɗagawa.

Ta yaya za ka gane get ya fara sauka? Sakata ce za ta faɗa maka. Ranar da ka ga sai ka ɗaga ƙyauren kafin ta shiga raminta, kada ka bari a faɗaɗa ramin. Duba hinjin sama da ginshiƙin, can ciwon yake.

Na ƙarshe, ƙarfen taga. Kowane ɗakin kwana a bar taga guda mai hinjis, kwadonta ta ciki, makullin a rataye inda matar gida da manyan yara suka sani, amma hannu daga waje ba ya kaiwa. In gobara ta tare ƙofa, nan ce mafita. Allah Ya tsare mu. Sai shiri na gaba.