Mai Shayin da Ba Ya da Canji: Yadda Ake Gina Ɗan Wasan da Ba a Mantawa

 

Matasa masu shirya gajerun bidiyo na barkwanci sukan kawo mini kuka iri ɗaya. Sun yi bidiyo ya karɓu, sun sake wani, amma babu wanda ya gane cewa su ne dai na jiya. Dalili shi ne kullum sabon mutum suke kawo wa mai kallo, alhali shi tsohon sani yake nema.

Ku tuna marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023. Kakin soja da gashin baki sun taimaka, amma abin da ya kafa Samanja shi ne hali: mutum ne mai son a ga ikonsa, yana ba da oda cikin Hausa cakuɗe da Turancin bariki. Haka Rabilu Musa, wato Ibro, wanda ya rasu a 2014. Ana hango jar hular nan an san Ibro ne, amma dariyar tana cikin wayon da yake ƙullawa ya dawo ya kama shi. Shi ya sa aka iya kai shi ko'ina, daga Ibro Awilo har Ibro Ɗan Indiya, bai ɓace ba. Hula alama ce kawai. Da yawa sun sayi hular ba su gina halin ba, kuma wannan yana damuna, domin akwai masu basira a cikinsu.

Bari mu gina namu a nan. Mu ce mai shayi ne, halinsa ɗaya tak: ba ya ba da canji. Kullum sai ya ce, "Yaro ya tafi nemo canji," kuma babu wanda ya taɓa ganin yaron. Kafin a ɗauki komai, a sami littafi a rubuta abin da ba zai taɓa sauyawa ba, wato teburinsa, butarsa, tawul ɗin da ke kafaɗarsa, gefen da kyamara take tsayawa, da wannan magana tasa kalma bayan kalma. Duk bidiyo ya buɗe da shi yana ɗaga kofi yana sheƙa shayi, domin mai latsa waya ba ya ba ka fiye da daƙiƙa 2 ko 3 kafin ya wuce.

Fitowa ukun farko, kada a yi dabara. Mai saye ya miƙa naira 1,000, ya nemi canjinsa, a ce masa yaro ya tafi. Ana koya wa mai kallo doka ne, kuma ba zai ji daɗin karya ta ba sai ya haddace ta. A ta huɗu ake fara murɗawa. Wani ya zo da kuɗinsa cif-cif yana murmushi, sai mai shayi ya dube shi ya ce ai sukari ya tashi jiya, a kawo babbar takarda. A wata fitowar wani ya ce zai tura ta waya, mai shayi ya ce wayar tana hannun yaro. Can gaba shi kansa ya je sarin burodi, mai gidan burodi ya karɓi kuɗinsa ya faɗa masa maganarsa, mu kuma mu tsaya a kan fuskarsa. Kun lura halin bai motsa ba ko kaɗan. Tarkon da ake ɗana masa ne yake sauyawa.

Shi kuwa yaron, kada a kuskura a nuna shi. Ranar da ya bayyana da canji a hannu, wasan ya ƙare.

To, yaya za a gane cewa abin ya fara gundurar mutane? Idan kuna YouTube, ku buɗe YouTube Studio ku duba zanen da ke nuna inda masu kallo suke ficewa. In layin yana faɗuwa daidai lokacin da mai shayi ya buɗe baki zai yi maganarsa, an riga an san ƙarshen, babu abin jira. Maganin ba jefar da maganar ba ne. A hana shi faɗinta na fitowa biyu ko uku, ko a bar mai saye ya riga shi, shi kuma ya gyaɗa kai kawai. Alamar nasara kuma a titi ake jin ta, ranar da ɗan adaidaita sahu ya ce wa fasinja yaro ya tafi nemo canji.

Abu na ƙarshe ya shafi amana tsakanin abokan aiki. Idan mutum ɗaya ya ƙirƙiro mai shayin, wani kuma yake fitowa a matsayinsa, a zauna tun kafin kuɗi su fara shigowa a rubuta wa ke da sunan, wa ke da tashar, da yadda za a yi in ɗan wasan ya tafi. Masu kallo fuskar suke bi, kuma da wuya su karɓi wani sanye da tawul ɗin.