Wakilai Uku, Shafi 16: Yadda Ake Kasafta Labarai Da Tsara Lokaci A Ƙaramar Jaridar Mako

Yau zancenmu na masu sha'awar aikin jarida ne, musamman matasan da ke son haɗa kai su fitar da 'yar jarida ta mako-mako a garinsu. Tambayar ita ce, idan wakilai uku kacal gare ku, da edita ɗaya, da mai tsara shafi, ta yaya za ku cika jarida duk mako kuma ta fito a kan lokaci?

Amsar tana cikin takarda guda da ake kira kasafin labarai. Kada kalmar kasafi ta sa ku tuna kuɗi. Abin da ake kasaftawa a nan fili ne da lokaci, wato wane labari zai shiga, wa zai rubuta, kalma nawa, a wane shafi, kuma ƙarfe nawa zai iso teburin edita. Zan ɗauki misali ɗaya mu bi shi daga farko har ƙarshe: jarida mai shafi 16 da ke fitowa ranar Juma'a da safe.

Mu fara da fili. Shafukan jarida huɗu-huɗu suke tafiya, domin falle ɗaya idan an naɗe shi shafi huɗu yake bayarwa. Saboda haka ba za ka ce labari ya yi maka yawa bari ka ƙara shafi ɗaya ba. Ko dai 16, ko ka tsallaka 20, kuma kuɗin takarda ya hau. To a cikin 16 ɗin nan, a ce talla ta ci shafi huɗu. Shafi uku na marubutan waje ne, irin su ra'ayi da wasiƙu da filin addini. Shafin farko kuwa kanun labarai ne da hoto. Kun ga takwas sun tafi, saura takwas, kuma waɗannan takwas ɗin su ne nauyin da ke kan wakilai uku.

Shafi ɗaya kalma nawa yake ci? Wannan ya danganta da girman takardarku da girman haruffa, don haka ku ƙirga naku da kanku. A misalinmu mu ce 750 bayan an cire gurbin hoto da kanu. Sau takwas ya zama 6,000. A raba uku, kowane wakili 2,000 ke nan a mako. Ni yadda nake raba 2,000 ɗin shi ne, babban labari ɗaya mai cika shafi, kalma 750, matsakaita biyu masu 450 kowanne, sai ƙarami ɗaya mai 350. Labari huɗu ga kowa, goma sha biyu gaba ɗaya. Idan a wajen taro kuka rubuta labarai ashirin saboda zumuɗi, to tun a nan kuka shirya wa kanku wahala, don ba filin, ba kuma mai rubutawa.

Akwai gyara ɗaya mai muhimmanci. Duk mako wakili ɗaya ba ya ɗaukar babban labari. Shi ne mai zaman ko-ta-kwana, kuma shafi na 2 ake bar masa a buɗe har ranar Alhamis, saboda abin da zai iya faruwa a ƙurarren lokaci, kamar gobara a kasuwa ko hukuncin kotu. Ana yin wannan karɓa-karɓa ne, wannan makon kai, mako mai zuwa wani. Idan ba a yi haka ba, duk ranar da wani abu ya fashe sai an janye mutum daga tsakiyar babban labarinsa, a ƙarshe a rasa biyun.

Ita takardar kasafin ba wani abu ne mai wuya ba. Allon bango ya isa, ko Google Sheets idan wakilan suna nesa da juna. Kowane labari layi ɗaya: gajeren suna, sunan wakili, yawan kalma, shafi, wa zai kawo hoto, ranar miƙawa da ƙarfe nawa, sai gurbin ƙarshe na inda aka kwana. A rubuta labarin da jimla cikakkiya. "Batun asibiti" ba labari ba ne. "Asibitin garin kaza ya yi wata biyu ba ma'aikacin dare" shi ne labari, domin yana gaya wa wakili wanda zai nema da abin da zai tabbatar.

Yanzu sai lokaci. Shi kuma daga ƙarshe ake faro lissafinsa, a dawo baya. Tambayar farko ta mai ɗab'i ce: ƙarfe nawa kake son shafuka? A ce ya ce ƙarfe 6 na yammacin Alhamis, domin sai ya yi faranti, ya buga, a naɗe, a ɗaure, mota ta ɗauka kafin asuba. Wannan ƙarfe shidan ba naka ba ne, don akwai wasu a layi. Ka makara, a ɗora aikin wani, taka jaridar ta fito bayan an sauko daga masallaci, masu saye sun watse. Saboda haka ni ƙarfe 4 nake rubutawa a allo. Awa biyun da ke tsakani na ɗaukewar wuta ne, da janareto da ya ƙi tashi, da intanet da ke jan ƙafa wajen tura PDF.

Daga nan sai ka dubi mai tsara shafi. In ya ɗauki kamar minti 45 a kowane shafi, 16 awa 12 ke nan. Ba yadda za a yi a cusa awa 12 a ranar Alhamis, ga kuma edita ɗaya da zai karanta komai. Shi ya sa ba a ba wa labarai duka wa'adi ɗaya. Ga yadda makon yake tafiya.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci a zauna taron kasafi, minti arba'in ya isa. Asabar a fita nema, Lahadi a huta. Litinin da ƙarfe 12 na rana rubutun marubutan waje da ƙananan labarai uku su iso, a rufe shafi huɗu. Talata da ƙarfe 12 matsakaitan labarai shida da tallace-tallace su iso, a rufe shafi shida, huɗu na talla, tunda ba sa cin lokaci sosai, biyu na labarai. Laraba da ƙarfe 12 manyan labarai biyu su iso, a rufe shafi huɗu. Kun ga an sami 14. Alhamis sai shafi na 1 da na 2 kawai suka rage, mai ko-ta-kwana ya miƙa nasa da ƙarfe 1, a karanta, a tsara, wani dabam ya sake duba kanu da sunaye da lambobi, a tura da ƙarfe 4.

Wani abu da sababbin shiga ba su cika sani ba shi ne shafuka abokan juna ne a wajen bugawa. A jarida mai shafi 16, na 1 yana tare da na 16, na 2 da na 15, haka har na 8 da na 9. Duk biyun da ka haɗa 17 za su ba ka. Don haka shafi ɗaya da ya makara yana riƙe abokinsa. Tunda na 1 da na 2 ne za su kai Alhamis, sai a sa talla ko abin da aka gama tun da wuri a na 15 da na 16. Ka kuma tambayi mai ɗab'inka yadda injinsa yake haɗa shafukan a faranti.

To bari mu ga yadda tsarin yake idan abu ya karkace. Mu koma kan labarin asibitin nan, wanda aka ware wa shafi na 5. Wakiliyar ta je ranar Asabar, ta yi magana da majinyata da ma'aikaci ɗaya, ta ɗauki hoto. Saura jin ta bakin hukumar lafiya ta ƙaramar hukumar. Litinin ta kira ba a ɗauka ba. A nan ne amfanin gurbin inda aka kwana yake fitowa. Ranar Talata da rana edita ba ya tambayar "ya aiki?", domin amsar kullum "saura kaɗan" ce. Tambayar ita ce, da wa da wa kika yi magana, wa ya rage, kuma in bai amsa ba labarin zai tsaya da ƙafarsa? Sai a aika wa jami'in tambayoyin a rubuce, a gaya masa ana jiran amsa zuwa ƙarfe 10 na safiyar Laraba, a kuma ajiye shaidar aikawar.

Laraba ta yi, ba amsa. Yanzu hanya biyu ce. Idan abin da wakiliyar ta gani da idonta da abin da ta tabbatar daga majiyoyi dabam-dabam ya isa, sai a buga, a faɗi ƙarara cewa an nemi hukumar ranar kaza da ranar kaza ba ta amsa ba. Idan kuwa labarin ya rataya ne a kan zargin mutum ɗaya, to a ɗage shi zuwa mako mai zuwa. Ramin da ke shafi na 5 bai isa ya zama dalilin buga zargin da zai ɓata sunan wani ko ya kai ku gaban alƙali ba. Abin da zai ba ka ƙarfin ɗagewa shi ne labarin ajiya. A kowane lokaci a sami aƙalla guda biyu, mai 750 da mai 450, an gyara su, da hotunansu, irin waɗanda ba sa tsufa, kamar hira da mai wata sana'ar hannu. Ranar da aka ci ɗaya, a rubuta maye gurbinsa a taron Juma'a.

Sannan a riƙa duba kalanda tun wajen kasafi. Ofisoshin gwamnati a rufe suke Asabar da Lahadi, don haka cikin matsakaitan labarai biyu na kowane wakili, ɗaya ya zama wanda za a iya gamawa ranar Asabar ba tare da jami'i ba. Kasuwannin mako ma haka. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, wato ranar rufe jarida, don haka labarin farashin dabbobi daga can na mako mai zuwa ne, sai dai in shi aka ware wa shafi na 2. Makon Sallah kuwa a janyo kowane wa'adi baya da kwana ɗaya ko biyu, a kuma ji ta bakin mai ɗab'i tun da wuri.

Ta yaya za ka gane tsari ya fara lalacewa? Ƙirga shafukan da aka rufe da yammacin Laraba. In ba su kai 14 ba, Alhamis za ta yi zafi. Alama ta biyu ita ce labarin 450 ya riƙa isowa da kalma 700, domin yanke 250 aiki ne da ba a sa shi a lissafi ba. Ta uku, labari ya iso ba hoto. In ɗaya daga cikin waɗannan ya maimaitu mako uku a jere, kada a tsaya faɗa da wakili kawai, a koma kan kasafin. Wataƙila labari huɗu ya yi wa mai zuwa ƙauyuka yawa, sai a rage masa zuwa uku, a mayar da kalmomin wajen wanda ke cikin gari.

A nan za mu dakata. Wanda yake da tambaya kan lissafin shafukan nasa, ya aiko da yawan shafi da ranar fitowa, mu duba tare a shiri na gaba.