Karatun Alat: Shiga, Fita, Caji da Ragowa

Alat ɗin banki, wato gajeren saƙon da ke shigowa waya idan kuɗi ya motsa a asusu, abu huɗu yake faɗa: kuɗi ya shiga, kuɗi ya fita, an cire caji, ko kuma ga abin da ya rage. Matsalar ita ce da Turanci ake rubuta shi, kuma a gutsure, sai mai waya ya hango adadi kawai ya ɗauka ya gane.

Wurin da ya kamata ido ya fara sauka shi ne haruffa biyu da ke kusa da adadin. Idan an ga CR ko Credit, kuɗi ne ya shigo. Idan DR ne ko Debit, kuɗi ya fita, ko mai asusun ne ya tura ko banki ne ya cire. Layin Amt yana nuna adadin da ya motsa a wannan karon kaɗai. Layin Desc kuwa yana faɗin dalili ko sunan wanda aka yi hulɗar da shi. A ƙasa ake samun Bal ko Avail Bal, wato ragowar da za a iya taɓawa. Nan ne aka fi yin kuskure, domin sau da yawa ragowa ta fi adadin da aka turo girma, ita ce ke fara jan ido.

A ɗauki misalin mai sayar da dankalin Turawa a bakin titi a Rayfield, da naira 12,000 a asusunta. Wani ya sayi dankalin naira 8,000 ya tura mata, sai wannan saƙo ya shigo:

```
CR Amt: NGN8,000.00
Avail Bal: NGN20,000.00
```

Dubu ashirin ɗin nan ba shi mai saye ya turo ba. Tsohon kuɗinta ne haɗe da sabon. A lura kuma da ɗigo: sifiri biyun da ke bayansa kwabo ne. Wanda ya tura 800.00 naira ɗari takwas ya tura, kuma cikin hanzarin ciniki ana iya ganinsa kamar dubu takwas ko dubu tamanin.

Da yamma ta tura wa dillalinta na kasuwar Farin Gada, wanda asusunsa ke wani bankin, naira 9,000. A lissafinta dubu goma sha ɗaya ya rage, amma alat ya nuna 10,973.12. Ba sata aka yi mata ba, caji ne. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da ita a 2020 ta sa naira 10 a kan turin da bai wuce 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, naira 50 a kan abin da ya haura. A kan cajin ake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa 25 ta zama 26.88. Wani bankin yakan aiko da cajin a saƙo daban mai alamar DR, wani kuwa sai dai a gan shi a raguwar kuɗin.

Akwai kuma harajin gwamnati na naira 50 a kan turin naira 10,000 zuwa sama, wanda kan fito da sunan EMTL ko Stamp Duty, kuma ya shafi asusun waya irin su OPay, PalmPay da Moniepoint. Kuɗin saƙonnin alat su kansu akan tara su a cire sau ɗaya a wata.

Ragowa ita ce ma'aunin gaskiyar kowane saƙo. Tsohuwar ragowa, a haɗa abin da ya shiga, a debe abin da ya fita da caji, dole ta ba da sabuwar. 'Yan damfara na iya aiko da saƙon bogi mai CR da suna mai kama da na banki, amma yawanci ba su san abin da ke cikin asusun ba, don haka ragowar da suka rubuta ba za ta yi daidai ba. Hoton rasit a wayar mai saye shi ma ba hujja ba ne. Kafin a miƙa kaya, a buɗe manhajar banki ko a danna lambar duba asusu a ga kuɗin ya zauna.

Idan alat ya nuna DR amma na'urar mai POS ta ce ciniki bai yiwu ba, a riƙe rasit, a jira saƙon CR mai kalmar Reversal, wato mayar da kuɗi. In bai zo ba, a kai wa banki saƙon da kwanan watansa, don haka ba a gaggawar goge alat. DR ɗin da mai asusu bai san da shi ba kuwa ba ya jira: a kira banki nan take ta lambar da ke bayan kati a rufe katin, kuma duk wanda ya bugo waya yana neman PIN ko OTP da sunan mayar da kuɗin, ba ma'aikacin banki ba ne.