Jawabin Zama: Wasan Ƙirga Ga Ƙananan Yara

Tunda an gama zubi an rufe akwati, ina roƙon ku ba ni ɗan lokaci mu yi maganar yaran da muke tarawa a ɗakin reno a nan Bauranya.

Kwanakin baya wata uwa ta kawo mini 'yarta mai shekara 3, tana murna wai ta iya ƙirga har goma. Yarinyar kuwa ta rero shi tsaf. Sai na zuba duwatsu a faifai na ce, "Ba ni uku." Ta damƙo cikin hannu ta miƙo mini, muka duba, bakwai ne. Kun ga, ta haddace sunayen lambobi kamar waƙa, amma ba ta san abin da uku yake nufi ba tukuna. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, haka kowane yaro yake farawa. Aikinmu shi ne mu haɗa bakinsa da hannunsa.

Kafin wasa, sai mu tace kaya, domin yaro ƙasa da shekara 3 komai baki yake kaiwa. Shi nasa kayan su zama manya, waɗanda ba za su shige bakinsa ba: ƙwallon goriba, ƙwallon mangwaro da aka wanke aka shanya, da dutse mai santsi kamar girman ƙwan kaza. Marfin kwalba sai yaron da ya wuce shekara 3, kuma na roba, don na ƙarfe yana yanka, yana tsatsa. Wake, gyaɗa da 'ya'yan tsamiya a bar su, yara na cusa su a hanci da kunne, suna kuma shaƙe yaro. Irin shuka da aka cuɗa da magani, da 'ya'yan zurma, da na bini-da-zugu, da idon zakara, waɗannan guba ne, kada su shigo ɗakin ko kaɗan.

Wasa na farko shi ne "kowa da gidansa". Ki tona gurbi uku a ƙasa, irin na dara, a jere. Ki ba yaro goriba uku, ya sa ɗaya a kowane gurbi, kuna faɗa tare: ɗaya, biyu, uku. Idan ya gama, ki zagaye su duka da hannu ki ce, "Uku ke nan." Wannan maganar ta ƙarshe kada ki tsallake ta, ita ce ke nuna masa cewa lambar da aka tsaya a kai ita ce yawan kayan gaba ɗaya. Ki lura da hannunsa. Idan baki ya kai uku hannu yana kan na biyu, ko ya taɓa abu ɗaya sau biyu, to ki riƙe yatsansa ku tafi a hankali.

Wasa na biyu shi ne "zubi", irin namu. Ki ajiye kwano a tsakiya, ki ce, "Yau zubin biyu ne." Kowane yaro ya ɗauko biyu daga faifai ya jefa ɗaya bayan ɗaya, kowa na jin ƙarar faɗuwarsu. A nan za ki gane inda kowa ya tsaya. Wanda aka ce ɗaya ya kawo ɗaya, aka ce biyu ya damƙo da yawa, to ɗaya ya sani, sai ki zauna da shi a kan biyu. Kada ki kai shi biyar don ɗan maƙwabciya ya kai.

Yarinyar nan da na faɗa muku, da na gwada ta, biyu ta sani. Muka tsaya a kan gurbi uku kullum da safe. Bayan 'yan makonni na ce ta ba ni uku, ta ɗauko ɗaya-ɗaya, ta kai uku ta janye hannu da kanta. Wannan janye hannun shi ne alamar da za ku nema.

Wasan kada ya wuce minti 10, kuma mace ɗaya ta zauna da yara huɗu ko biyar, don idonta ya kai kan kowa. Ba tsawa, ba bulala. Ki ƙirga kayan kafin ki fito da su, ki sake ƙirgawa kafin ki mayar. In ɗaya ya ɓace, a nemo shi kafin kowa ya tashi. Idan abu ya shiga hanci ko kunne, kada a sa tsinke, a kai yaron asibiti.

Zama mai zuwa, kowace ta zo da goriba biyar da marfin roba goma a wanke, mu gwada a tsakaninmu tukuna. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.