Cikon ƙasan ɗaki: tifa nawa za a saya kafin a zuba kankare?

Wasu cikinmu sun samu izinin ƙara ɗaki a gidajen dangi a Zangon Kumasi, wasu samarinmu kuma suna bin magina aikin lebura a Aboabo da Asawase. Shi ya sa muka ɗauko maganar ciko yau, don nan ne kuɗin mai ƙaramin ƙarfi ya fi zurarewa: a sayi ƙasa, a daɓe, a ga ba ta kai ba, a sake biyan mota.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abin da tifa ta juye a ƙofar gida sakwa-sakwa yake, da iska a tsakaninsa. Da an jiƙa shi an kirɓa sai ya zauna. Wanda ya auna rami ya sayi daidai ramin, ya sayi kaɗan.

Mu ɗauki ciki da falo, kowane ɗaki mita 4 a tsawo, mita 3.5 a faɗi. Daga ciki ake awo, bango zuwa bango, don ba a cika kaurin bulo. Ɗaki ɗaya murabba'in mita 14 ke nan, biyun 28. Zurfi kuwa sai an kwashe baƙar ƙasar sama da saiwoyi da shara tukuna a auna shi, daga ƙasa mai tauri zuwa inda kankare zai kwanta. A ce mun samu santimita 35. Biyar na sama na yashi ne, 30 na ciko, wato jar ƙasa mai tsakuwa ko fasassun duwatsu da bulo.

Ciko: 28 × 0.30 = 8.4 kubik mita. Wannan shi ne abin da ramin zai ci bayan daɓe. Don sanin abin da za a saya sai mu ƙara kwata a kai: 8.4 × 1.25 = 10.5.

Kwatan nan ƙiyasi ne, ƙasa ta bambanta da ƙasa, kuma kowa na iya gwada tasa. A zuba kaurin santimita 20 a kusurwar ɗaki, a yayyafa ruwa, a daɓe har madaɓi ya daina barin sawu, a sake aunawa. In ya koma 16, a raba 20 da 16, a samu 1.25. In ya koma 15, lissafin ya zama 1.33, sai a sayi sama da kubik 11.

Kada a yi ciniki da kalmar "tifa ɗaya" kawai, motoci ba girmansu ɗaya ba. A auna bayan motar da tsayin kayan da ke ciki. Mai tsawon mita 3.5, faɗin 2, an loda ta zuwa 0.75, kubik 5.25 ta ɗauko, sawu biyu sun ishe mu. In lodin ya tsaya a 0.60, kubik 4.2 ne kacal, sawu biyu ba za su kai ba ko da direba ya rantse.

Wajen zubawa, kada a juye duka lokaci guda. Ƙarfin madaɓi ba ya kai ƙasa, saman ya yi tauri, ƙarƙashi na nan da rami. Hawa biyu za a yi: a baza kusan santimita 19, a daɓe ya koma 15, sannan a ɗora na biyu. Ruwan ya zama daidai yadda in an dunƙule ƙasar a hannu za ta kama jikinta ba tare da ta ɗiga ba. Kusurwoyi da gindin bango su ne lebura ke tsallakewa in rana ta yi zafi, can kuma daɓe yake fara tsagewa.

Yashin sama aikinsa toshe ramukan duwatsu, don kada kaifinsu ya huda ledar da ke tare danshi, kada kuma ruwan siminti ya tsiyaye ƙasa. Lissafinsa 28 × 0.05 = 1.4. Amma in cikon duwatsu ne, yashi mai yawa zai sulale tsakaninsu, don haka mu mun fi son a sayi kubik 2. Kada a ƙara masa kauri don rufe gibin ciko, yashi mai kauri ba ya daɓuwa da kyau.

Masu gini kusa da rafin Aboabo, inda ruwa ke shiga gidaje da damina, sukan ɗaga ginin sama. A gininmu na misali, kowane ƙarin santimita 10 yana cin kubik 3.5 na ciko, fiye da rabin tifa, sai a sa shi a lissafi tun kafin a kira mota. Kafin a shimfiɗa leda kuma a ja igiya daga bango zuwa bango, a auna tazarar yashi daga igiyar a tsakiya da kowace kusurwa. Inda ya faɗa da santimita 2 a duk faɗin nan, kankaren da zai cike gurbin ya haura rabin kubik, kuma siminti ya fi ƙasa tsada nesa ba kusa ba.