Grid ko Flexbox: wa ke yanka faɗi, kaya ko fili?

Shirin yau na matasan da ke koyon gina shafin intanet ne, waɗanda suka san HTML, suka shiga CSS, sai suka tsaya cak a gaban hanyoyi biyu na jera abubuwa a fuskar waya: Flexbox da Grid. Abin da aka saba faɗa wa ɗalibi shi ne Flexbox na layi ɗaya ne, Grid kuma na layi da ginshiƙi. Maganar gaskiya ce, amma ba ta raba gardama, domin Flexbox ma yana gangarowa layi na biyu da na uku idan an ba shi `flex-wrap`. Tambayar da nake ganin ta fi amfani ita ce: a wannan yanki na shafin, wa ya kamata ya yanka faɗi? Idan abin da ke ciki ne zai ɗauki wuri daidai girmansa, Flexbox ne. Idan fili ne za a fara rabawa sannan kaya su shiga, Grid ne. Kamar zama a tabarma ne da rumfunan kasuwa: a tabarma kowa yana cin wuri daidai jikinsa, a kasuwa kuwa an riga an ja layi, mai kaya da yawa da mai kaɗan duk rumfa ɗaya suke samu.

To, mu ɗauki aiki guda mu bi shi. A ce wata ƙungiyar manoma tana son ƙaramin shafi da zai nuna farashin tiya a kasuwannin yankin Tasawa da Mayahi. A saman shafin akwai maɓallan zaɓen kasuwa: Tasawa, Mayahi, Maijirgi, Kanembakashe. Ku lura da sunayen nan, tsawonsu ba ɗaya ba ne. Wayar da faɗin fuskarta fiksel 360 ne, idan an bar 16 a kowane gefe, saura 328. In ka raba wannan gida huɗu daidai da Grid, da tazarar 8 a tsakani, kowane maɓalli zai samu 76. Mayahi zai zauna a sake har da ragowar wuri, Kanembakashe kuwa ya matse ko ya ture maƙwabtansa. A nan sunan ne ya cancanci ya faɗi wurin da yake buƙata, saboda haka ga abin da za a rubuta:

```css
.kasuwanni { display: flex; flex-wrap: wrap; gap: 8px; }
```

Kowane maɓalli ya ɗauki tsawon sunansa, wanda bai samu wuri ba ya sauka layi na gaba. Ba wanda zai damu cewa maɓallin ƙasa bai tsaya saitin na sama ba, domin ba kwatanta su ake yi ba, taɓa ɗaya kawai za a yi.

Sai mu sauko ƙasa, inda katunan farashi suke: gero, dawa, wake, gyaɗa, aya. Guda biyar ke nan. A nan ne yawancin masu koyo ke tuntuɓe, domin Flexbox ya yi musu aiki a sama, sai su sake kiransa, su ba kowane kati `flex: 1 1 150px` da tazarar 12. Mu yi lissafi tare. Kati biyu na 150 da tazarar 12 sun kama 312, sun shiga cikin 328, na uku ba shi da wuri. Saboda haka gero da dawa a layin farko, wake da gyaɗa a na biyu, kowanne ya miƙe zuwa 158. Aya ta rage ita kaɗai a layi na uku, kuma tun da an ce mata ta miƙe, sai ta cinye 328 gaba ɗaya. Manomin da ya buɗe shafin zai ga katin aya ya ninka na gero, ya ɗauka ita ce babban labari. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka gina Flexbox: kowane layi yana raba wurinsa shi kaɗai, bai san abin da layin sama ya yi ba. Da zarar ka ga katin ƙarshe ya kumbura, ko gefunan katuna ba su hau layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa ba, alama ce kana neman ginshiƙi daga abin da ba shi da ginshiƙi. Maganinsa Grid:

```css
.farashi {
  display: grid;
  grid-template-columns: repeat(auto-fill, minmax(150px, 1fr));
  gap: 12px;
}
```

Ma'anarsa, yanka ginshiƙai iya adadin da za su shiga, kada kowanne ya gaza 150, ragowar wurin a raba daidai. A wayar nan za a samu biyu masu 158, aya ta zauna ƙarƙashin wake da girmanta irin na kowa. A buɗe shafin a kwamfuta mai faɗi, ginshiƙan su ƙaru da kansu.

Wani zai ce, ai malam, da Flexbox ma ana iya yi, sai a hana katin miƙewa a ba shi `width: calc(50% - 6px)`. Ana iyawa, kuma shekaru da dama haka aka yi. Sai dai wannan 6 ɗin rabin tazarar 12 ce da ka lissafa da hannunka. Ranar da ka mai da tazarar 16 ka manta da ita, katunan ba za su ƙara shiga biyu-biyu ba, su zube ɗaya-ɗaya. Ranar da kake son uku a babbar fuska, sabon lissafi ne. Kana yi wa burauza aikin da Grid ke yi a layi ɗaya. Wani kuma zai kawo maganar tsofaffin wayoyi, kuma wannan ƙorafi ya fi na farko nauyi a wajenmu, inda waya kan daɗe tana yawo daga hannun wa zuwa na ƙane. Flexbox ya riga Grid zama a burauza da shekaru. Amma Grid ya shiga Chrome da Firefox da Safari tun watan Maris na 2017. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne `gap` a cikin Flexbox ne ya zo a makare, Chrome bai karɓe shi ba sai 2020. Ke nan wayar da aka daɗe ba a sabunta ba tana iya nuna katunanmu daidai, maɓallan sama ne za su manne da juna. Kuma burauzar da ba ta san Grid sam ba, tsallake dokar take yi, katunan su jeru ɗaya bisa ɗaya, farashi dai yana karantuwa.

Kada kuma a ɗauka zaɓin na shafi duka ne. A cikin katin gero, suna a hagu farashi a dama, abu biyu ne a layi ɗaya: `display: flex` da `justify-content: space-between` sun wadatar. Grid a waje, Flexbox a ciki, ba su cin karo. In kuwa ƙungiyar ta ce a jera farashin kayan biyar a kasuwanni huɗu don a kwatanta, wannan jadawali ne na gaske, gidansa `<table>`.

Grid ma yana da tarkonsa. Idan ka rubuta `1fr 1fr` kana zaton rabi da rabi ne dole, to ba haka ba ne, domin ginshiƙin `1fr` ba ya yarda ya gaza abin da ke cikinsa. A sa doguwar kalma marar tsinkewa ko babban hoto a kati ɗaya, sai ginshiƙinsa ya buɗe, shafin ya fara zamewa gefe idan an ja shi da yatsa. In kun ga haka, ku mai da shi `minmax(0, 1fr)`, ku ba hoton `max-width: 100%`, doguwar kalmar kuma `overflow-wrap: anywhere`, sannan ku gwada a ƙaramar wayar da ke gidan.