Shaidar Da Tsohon Takalmin Gudu Ke Bayarwa



Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, labarin takun mutum kuwa, sai a tambayi ƙasan takalminsa. Amma shaida ce da ba a karɓarta sai an bincika.

Yawancin masu gudu suna fara dira ne da gefen dunduniya na waje. Sa'an nan tafin ƙafa ya ɗan karkato ciki don ya rage ƙarfin dirar, kana a tashi ta wajen babban yatsa da mabiyinsa. Saboda haka cinyewar dunduniya ta waje ba aibi ba ce. Gaban takalmi shi ne abin dubawa. Idan ya cinye a tsakiya, taku ya daidaita. Idan gefen ciki ne ya suɗe, ƙafar tana karkata ciki fiye da kima. Idan kuwa gefen ƙaramin yatsa ne, karkatar ta yi kaɗan.

Ba a binciken wari ɗaya. A jera duka biyun bisa tebur, a dube su ta baya, a ga ko ɗaya ya jirkice. Kuma lalle ya zama na gudu ne kaɗai, domin wanda aka je gona da shi, ko aka tuƙa keke, shaidarsa ta gurɓace.

A ɗauki misalin ɗalibi a Bichi, mai gudun kilomita 6 a gefen kwaltar Kano zuwa Katsina, kwana biyar a mako. Cikin mako 20 ya yi kilomita 600, ga shi kuwa irin wannan takalmi yakan gaji tsakanin kilomita 500 da 800. Da aka juya, na hagu ya cinye ta waje, na dama ta ciki. Mai gaggawa zai ce ƙafafunsa ba daidai suke ba. Amma tun 1972 motoci a Nijeriya hannun dama suke bi, shi kuwa yana bin gefen hagu don ya fuskance su. Ana yi wa kwalta doro domin ruwa ya gangare, watau kullum ƙafarsa ta hagu ce a gangare. Mai yiwuwa laifin na hanya ne.

Yadda za a rarrabe shi ne ya koma filin makaranta mai shimfiɗe da sabon takalmi. Hanyoyin gonaki na ƙasar Bichi da Ɗambatta ba za su ba da amsa da wuri ba, domin rairayi mai laushi ba ya cin roba kamar kwalta. Idan bambancin ya sake fitowa, kuma da ciwon gwiwa ko ƙwauri, sai a nemi likita, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a tafi da takalman. In babu ciwo, kada a tilasta wa ƙafa sabon taku saboda abin da roba ta nuna.